Labarin mawaƙin da ya kasa rera ɗango na biyar

Hafsat: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na ga mutane da yawa sun buɗe gajeren labarin da na turo jiya, amma shiru nake ji. Don Allah ina son gyara na gaskiya. Ga wanda bai samu karantawa ba, labarin wani matashin mawaƙi ne, Kamal, mai waƙoƙin soyayya a sitidiyo. Mahaifiyarsa ta yi doguwar jinya, ya yi ta addu'a dare da rana, ta rasu. Daga nan ya daina ɗaga hannu ya roƙi Allah komai. Sannu a hankali asuba ta fara kuɓuce masa, har ya koma sai yana cikin mutane yake sallah. Ana haka furodusansa ya ce masa yanzu ana yayin sabunta tsofaffin waƙoƙi, ya nemo guda. Kawunsa ya ba shi wani kaset da aka tsinta a kayan marigayiyar, muryar wani tsoho ce yana rera waƙar roƙon Allah, babu kiɗa, baiti 8 kacal. Waƙar ta yi gajarta, dole Kamal ya ƙara mata nasa. A cikin wannan ƙarin ne zuciyarsa take dawowa. Tambayata: dawowar tasa ta gamsar da ku, ko kun ji kamar ni na tura shi?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah sarki. 'Yar'uwa ki gaya wa wannan bawan Allah ya nemi malami ya zauna da shi, kuma ya yawaita istigfari. Wasa da sallah ba ƙaramin abu ba ne. Sannan waƙar tsohon in tana wayarki ki turo mana.

Anti Larai: Sadiq, ƙirƙirarren labari ne, babu wani Kamal. Waƙar ma Hafsat ce ta tsara ta da kanta.

Hafsat ƙanwata, na karanta sau biyu. Kashi biyu cikin uku na labarin ya gamsar da ni sosai. Abin da ya fi kama ni shi ne ba ki ce mana "ya rasa imani" ba ko sau ɗaya. Kin nuna shi a zaman gaisuwar mutuwa, mutane na shafa fatiha, shi ya ɗaga hannu tare da su amma yana ƙirga tayil ɗin ƙasa. Wannan ya ishe ni. Inda kika sake ni shi ne mafarkin. Me ya kawo mahaifiyarsa cikin fararen kaya tana ce masa "ka koma ga Ubangijinka"? Daga wurin na san yadda za a ƙare, sauran shafukan kawai bin su na yi.

Hafsat: Anti, tsoro na ji kada mai karatu ya ce waƙa kaɗai ba za ta juya mutum ba. Shi ya sa na nemi wani abu mai ƙarfi ya tallafa mata.

Malam Bello: Hafsat, sannu da ƙoƙari. Bari in yi magana a kan abin da na ga shi ne ƙashin bayan labarin, domin ina jin kin riƙe abu mai daraja fiye da yadda kike zato.

Abin da kika sa Kamal ya yi wa waƙar tsohon yana da suna a wurin masu rubutacciyar waƙa, tahmisi ake ce masa. Mutum ya samu waƙar wani mai ɗango biyu-biyu, wato layi biyu, a kowane baiti, sai ya sa nasa ɗango uku a gaban kowane biyun, baitin ya zama mai ɗango biyar. Malaman ƙarni na 19 sun yi wannan sosai, ɗa ya yi wa waƙar mahaifinsa, almajiri ya yi wa ta malaminsa. Sharaɗinsa biyu ne. Na farko, ukun da ka ƙara su ƙare da amon da ɗangon farko na mai waƙar ya ƙare da shi. Na biyu, ba ka taɓa nasa biyun, yadda ya bar su haka za su zauna.

To dubi abin da wannan ya haifar a baitin da kika kawo. Tsohon ya ce:

Na ƙwanƙwasa ƙofa dare da rana,
Ban juya ba don ba a buɗe min ba.

Kamal ya zo da fushinsa ya sa nasa uku a sama:

Na roƙi lafiyar uwa a raina,
Na hana ido barci na ƙi kwana,
Aka ɗauke ta a gaban idona,

Yana gama waɗannan, dole bakinsa ya shiga na tsohon. Ɗango na huɗu bai dame shi ba, domin gaskiya ne a kansa, ya ƙwanƙwasa dare da rana. Na biyar ne matsalar. Tsohon ya ce bai juya ba, shi kuwa Kamal ya juya. Ke nan duk lokacin da ya rera baitin, sai ya faɗi gaskiya huɗu sannan ya rufe da abin da ya san ƙarya ne a bakinsa. Ƙa'idar waƙar ce ta hana shi tsallakewa, ba wani mai wa'azi ba. Mutumin da aka tsayar a irin wannan wuri ba ya buƙatar mafarki. Ina tare da Hajiya Larai, ki cire shi.

Nura: Malam, Allah ya ƙara sani. Amma ni da nake zama a sitidiyo kullum ina da ja a nan. Mawaƙi ba ya kasa rera layi don kawai bai yarda da shi ba. Muna ɗaukar muryar yaran da ke rera "ke kaɗai ce a raina" alhali kowa a ɗakin ya san ba haka ba ne, kuma murya ras. Sana'a ce. In ma muryar ta yi rawa, injiniya zai sa shi ya maimaita layin shi kaɗai sau biyar ko shida, ya zaɓi mai kyau ya liƙa, abin da ya karkace kuma na'ura ta miƙe shi. Don haka wurin da aka ce Kamal ya tsaya cak a gaban makirfo ya kasa furta layin, gaskiya ban saye shi ba.

Anti Larai: Nura, ai layin soyayyar ba ya taɓa musu wani miki. Wannan kuwa uwarsa ke ciki.

Nura: Na yarda Anti, amma abin ba ta tsayawa cak yake zuwa ba. In abu ya taɓa mawaƙi, abin da muke gani shi ne numfashi yana yanke masa kafin ƙarshen layi, ko ya riƙa shiga kafin kiɗa ya kawo shi, ko ya ce a rage masa sautin muryarsa a kunne don ba ya son jin kansa. Wani kuma zai ɗora wa kiɗan laifi, ya ce ya yi sauri, a rage, an rage ya ce ya yi sanyi. Da Hafsat ta sa irin wannan, da duk wanda ya san aikin zai gyaɗa kai.

Hafsat: Yaya Nura wannan ya yi min amfani matuƙa. Musamman na cewa a rage masa muryarsa a kunne. To idan an liƙa layin kamar yadda ka ce, waƙar ta fita sumul, me zai faru da shi?

Nura: Ai nan ne ma abin zai fi cin sa. Furodusa ya ji ya ce ta yi, kowa na murna, shi kaɗai ya san layin na biyar an harhaɗa shi ne daga gutsattsari uku, bai taɓa faɗinsa a numfashi ɗaya ba. In ni ne ke, haka zan rubuta.

Malam Bello: Madalla. Wannan ya fi wanda ke cikin labarin, kuma ya fi nawa tunanin. Ya ba ki ma'aunin da mai karatu zai riƙa bi da kansa: yaushe Kamal zai iya faɗin ɗangon nan daga farko zuwa ƙarshe ba tare da an liƙa masa ba?

Abu Huzaifa: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri zan shigo ta wata ƙofa. Ni abin da ya dame ni tushen labarin ne. Shiriya ta Allah ce. A Suratul Ƙasas aya ta 56 an gaya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ba shi ke shiryar da wanda yake so ba, Allah ne ke shiryar da wanda ya ga dama. Yaya za a rubuta labari a nuna waƙa ce ta dawo da mutum? Me ya hana ya ji karatun Alƙur'ani? Ga labarin Fudailu ɗan Iyadu sananne, ɗan fashi ne, yana hawan katanga ya ji ana karanta aya ta 16 a Suratul Hadid, nan take ya tuba. Irin wannan ya kamata matasanmu su karanta. Kuma waƙar nan har kiɗa za a sa mata.

Malam Bello: Wa alaikumus salam Abu Huzaifa. Maganarka ta farko babu mai ja da ita, kuma ban ga inda labarin ya ja ba. Shiriya ta Allah ce, amma yana sanya mata sababi. Wani rashin lafiya ne sababinsa, wani kalmar maƙwabci, wani baiti. Malaman da suka zuba wa'azi cikin waƙa sun san haka, sun san akwai wanda ba zai zo gaban malami ba amma baiti zai bi shi har ɗaki.

Game da Fudailu kuwa, halinsa daban ne da na Kamal. Shi saɓo ya yi masa katutu, aya ta zo ta farkar da shi. Kamal bai jahilci komai ba. Ya san ayoyin haƙuri, an karanta masa su a zaman makoki har ya haddace wanda bai sani ba. Ciwonsa shi ne yana ganin ya roƙa an ƙi shi. Irin wannan mutum idan ka ce masa "ka yi haƙuri" ƙara nisa yake yi, domin yana jin ba ka san abin da ya same shi ba. Tsohon kaset bai ce masa ya yi haƙuri ba. Cewa ya yi ni ma na ƙwanƙwasa, ni ma ba a buɗe min ba. Ta nan ya samu shiga.

Batun kiɗa kuma ka san malamai sun yi magana mai tsawo a kansa, ba a nan za mu yanke ba.

Abu Huzaifa: Malam na ji bayanin sababi. Amma ɗangon kansa fa? "Ba a buɗe min ba." Akwai wanda ya roƙi Allah ba a amsa masa ba? Abin da muka sani shi ne ko a ba shi abin da ya roƙa, ko a ajiye masa, ko a tunkuɗe masa wani sharri. Ina tsoron yaro ya karanta ya ɗauka ana iya rufe wa bawa ƙofa.

Hafsat: Malam Abu Huzaifa, baiti na 7 ya zo da wannan amsar, inda tsohon yake cewa abin da ya ɗauka rufewa ce ashe tanadi ne. Na jinkirta shi da gangan. In na sa shi a farko, Kamal zai kashe kaset ɗin bai kai ƙarshe ba.

Abu Huzaifa: To ki tabbatar ya fito fili. Ni dai har yanzu da son raina ne a ga ya koma ga Alƙur'ani kafin labarin ya ƙare, ko da shafi ɗaya ne.

Maman Iman: Ni ban iya nazarin labari ba, amma ku bar ni in faɗi nawa. Na rasa ɗa yana ƙarami. Ban bar sallah ba, alhamdulillah, amma na daɗe ina sallamewa in miƙe, ba na zama in roƙi komai. Ba wai na ce babu amfani ba, kawai in na buɗe baki sai in ji ba ni da abin faɗa. Mutane suna ganina da hijabi da carbi ba wanda ya sani. Abin da nake so in gaya wa Hafsat shi ne dawowar ba a miƙe take ba. Za ki yi kwanaki kina jin sauƙi, sai ki ga wani yaro sa'ansa ya wuce, ki koma inda kika fito. A labarinki tunda Kamal ya fara sauraron kaset kullum gaba yake yi. Ban ga ranar da ya koma baya ba.

Anti Larai: Allah ya jiƙansa Maman Iman, ya sa mai ceto ne.

Sadiq: Amin ya Rabbi. Allah ya ƙara haƙuri.

Hafsat: Amin. Na gode da kika buɗe mana wannan, Mama. A ina kike ganin komawar bayan za ta fi dacewa?

Maman Iman: Bayan wani abu mai kyau. Ni a nan ta fi kama ni. Ranar da na fara jin daɗin addu'a, washegari sai na ji kamar na ci amanar yaron, kamar na yarda da tafiyarsa.

Malam Bello: Hafsat ki riƙe wannan da hannu biyu. Bari mu bi labarin mu ga inda zai zauna.

Waƙar ta bayyana sau huɗu a rubutunki. Karo na farko Kamal kunnen sana'a ya sa mata: yana ƙirga tsawonta, yana tunanin wane kiɗa zai hau ta, har yana ƙorafin ƙarar kaset. Wannan daidai ne, kada ki sa ya ji komai a ransa a nan. Karo na biyu shi ne da ya zauna rubuta nasa ɗangwayen, fushinsa ya fito. Ki lura, wannan ne karon farko tun rasuwar da ya ambaci abin da ya faru a cikin magana mai fuskantar Ubangiji, ko da kuka ne da ƙorafi. Karo na uku sitidiyo, wanda Nura ya gyara mana. Karo na huɗu shi ne daren da ya ji baiti na 7 da kyau.

Tsakanin na uku da na huɗu ne kika sa mafarkin. Ki ciro shi ki sa abin da Maman Iman ta faɗa. Misali, ya tashi asuba a kan lokaci kwana biyu a jere ba tare da ya shirya ba, ya ji sanyi a ransa, sai wannan sanyin ya ba shi haushi. Ya mayar wa kawunsa kaset ɗin, ya ce wa furodusa a bar waƙar. Sai ki bar shi ya yi makonni a haka. Amma ya riga ya haddace ta. Kaset ne ya mayar, waƙar tana bakinsa, zai kama kansa yana yin ta yana wanke fuska.

Anti Larai: Ni kuma kawun nake so a gyara. A yanzu ya cika sani. Duk bakin da ya buɗe hikima ce ke fitowa, kamar an aiko shi. A shafi na biyar ya yi magana ta kusan rabin shafi a kan ƙaddara. Da zai zama mutum kawai, wanda shi ma ƙanwarsa ce ta mutu, ya ba da kaset ɗin don ba ya iya sauraronsa, da ya fi shiga rai. In Kamal ya dawo masa da shi, kada ya yi masa nasiha. Ya karɓa ya ajiye, ya tambaye shi aiki.

Hafsat: Anti in na cire jawabin kawu kuma na cire mafarki, ba wanda ya rage da zai faɗi darasin labarin.

Anti Larai: Baiti na 7 yana nan ai. Tsohon ya faɗa a layi biyu. In kika sa mutum uku suka maimaita, kin nuna ba ki yarda da waƙarki ba.

Zainab: Ni fa ban goyi bayan cire mafarkin ba. Mutane suna mafarkin iyayensu da suka rasu, kuma yana canza su. Ni wurin ne ma ya sa ni hawaye. Ba duk mai karatu ne yake son a bar shi yana lalube ba.

Anti Larai: Suna yi Zainab, ba musu. Matsalar a cikin labari ita ce mafarki marubuci ne ke da iko da shi ɗari bisa ɗari, abin da ya ga dama zai sa a bakin mamaci. Shi ya sa mai karatu yake jin hannun marubuci a wurin.

Zainab: To a bar mafarkin amma kada ta yi magana. Ya gan ta kawai tana wani aiki tana rera waƙar, ta kai ɗango na biyar ya farka.

Nura: Wannan kam ba laifi.

Anti Larai: Ya fi na farko nesa ba kusa ba, amma ni har yanzu da babu shi ya fi.

Malam Bello: Wannan na bar wa mai labari. Ina da ƙaramar magana a kan ɗangwayen su kansu, tunda mawaƙi ne jarumin kuma masu kunnen waƙa za su karanta.

Kin yi ƙoƙari, kowane ɗango gaɓa 11 ne, na tsohon da na Kamal. Kuma ƙarshensu duk faɗuwa ɗaya suke yi: "dare da rana", "uwa a raina", "na ƙi kwana", "gaban idona". Ki rera su za ki ji gaɓoɓi huɗun ƙarshe suna tafiya iri ɗaya, mai nauyi, marar nauyi, sai masu nauyi biyu. Mai nauyi ita ce gaɓar da ake jan wasalinta ko ta ƙare da baƙi. Wannan ne ya sa baitin yake zama a kunne. Inda ya yi tuntuɓe shi ne farkon na biyu. Tsohon ya buɗe da masu nauyi biyu, "Na ƙwan". Ke kuma a "Na hana ido" kin jera marasa nauyi uku bayan ta farko, ha, na, i, sai harshe ya yi gudu ya riga karin. Da za ki ce "Na tashi tsakar dare na ƙi kwana", adadin bai canza ba kuma farkon ya hau na tsohon daidai.

Nura: Malam a nan kuma zan sake ja. Ni da a bar tuntuɓen. Kamal yaron sitidiyo ne, a kan kiɗa ya saba ɗora kalma, in ta yi tsawo ya haɗiye, in ta gaza ya ja. Bai taɓa zama ya auna gaɓa ba. In ɗangwayensa na farko suka fito tsaf kamar na tsohon, ƙarya ce. Gara na baitin farko su yi ɗingishi, na ƙarshe su daidaita, mai kunne ya ji yaron yana koyo.

Malam Bello: Hujja ce mai kyau, amma tana da haɗari. Mai karatu ba zai san da gangan aka yi ba, zai ɗora wa Hafsat. Sai dai in wani a cikin labarin ya lura, misali injiniyan ya ce masa layin nan na biyu yana gudu.

Nura: To ai shi ke nan, a sa injiniyan ya faɗa. Muna faɗa kuwa.

Sadiq: Ni tambaya gare ni. Tunda layin na biyar ne ke ba shi wahala, me zai hana ya canza shi kawai ya ce "na juya don ba a buɗe min ba"? Ai ya faɗi gaskiyarsa ke nan, a wuce wurin.

Hafsat: Sadiq wallahi na yi tunanin wannan, har na rubuta shi a wani zubi.

Malam Bello: Tambaya ce mai kyau, kuma ya kamata Kamal ya gwada hakan a cikin labarin, domin duk mai fushi zai gwada. Amma ka rera ka ji. Ka cire "ba" ɗin farko, gaɓa ta koma 10, ɗangon ya gurgunce. Sannan sauran baitoci bakwai duk a kan rashin juyawar aka gina su, in ya canza wannan sai ya rushe su duka, ya zama ba waƙar tsohon yake yi ba, tasa ce sabuwa. Mahaifiyarsa kuma ba waccan ta riƙa saurare ba. Ki bar shi ya gwada a daren, ya ji ba ta zauna ba, ya goge.

Anti Larai: Saura ƙarshen. Hafsat, yadda kika rufe, ya faɗi ya yi sujada a sitidiyo yana kuka, injiniya na kuka, furodusa na kuka. Ya yi yawa. Labarin da ya tafi a hankali shafi tara bai kamata ya ƙare da gudu a na goma ba.

Zainab: Anti kin cire mafarki, kin cire kawu, yanzu kuma kuka. Me za a bar mana?

Anti Larai: A bar shi shi kaɗai. Imaninsa a ɓoye ya tafi, ba wanda ya sani, to me zai sa ya dawo a gaban jama'a?

Abu Huzaifa: A nan ina tare da Hajiya. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ba sai an tara masa 'yan kallo ba. Amma ina son a ga aiki, ba jin daɗi a zuci kawai ba. Imani yana ƙaruwa da ɗa'a. A nuna ya tsaya sallah shi kaɗai a ɗaki inda ba mai ganinsa, tunda da sai a cikin mutane yake yi.

Maman Iman: Kuma ya roƙa mata gafara. Ni addu'ar da ta fara dawo min ke nan, ba ta kaina ba. Roƙa wa wanda ya tafi ya fi sauƙi a baki, domin ba ka jiran ka ga sakamako da idonka.

Hafsat: Mama wannan zan ɗauka yadda kika faɗe shi. Ga abin da nake gani yanzu. Zai koma wurin injiniya ya ce a goge layin da aka liƙa, yana son ya sake shi. Ba zan nuna ɗaukar ba. Zan tsallaka zuwa ɗakinsa, ya idar da isha'i shi kaɗai, ya zauna bai miƙe ba, ya roƙa mata gafara da kalma kaɗan.

Nura: Kada ki tsallake ɗaukar mana! Tun ɗazu muke gina ta. Mai karatu yana jira ya ji ko ya iya faɗin layin a numfashi ɗaya, sai ki rufe masa ƙofa?

Anti Larai: In ta nuna ya rera shi sumul, ta ce mana ya gama dawowa ke nan, alhali Maman Iman ta gaya mana ba a gamawa haka.

Nura: To ya rera shi a numfashi ɗaya amma muryar ta ɗan karkace, injiniya ya ce bari in miƙe ta, ya ce a bar ta haka. Ana yin wannan, wasu mawaƙan suna hana a taɓa musu wani layi.

Malam Bello: Duka biyun za su iya tsayawa, amma ba tare ba, domin gajeren labari ƙarshe ɗaya yake ɗauka. In kin rufe da sitidiyo, sallar ɗaki ta zo kafinsa a taƙaice. In kin rufe da ɗaki, to ɗaukar ta zama layi biyu ko uku kawai. Ni na fi karkata ga ɗaki, saboda addu'a ce ta fara tafiya a farkon labarin, ba murya ba.

Nura: Ni kuma sitidiyo, Malam. Labarin mawaƙi ne.

Abu Huzaifa: Kiɗan fa? Ba wanda ya amsa min. A ƙarshe da kiɗa waƙar za ta fita ko babu?

Hafsat: A zubin da ke hannuna furodusa ya sa fiyano da ganga, Kamal bai ce komai ba. Ban yanke ba tukuna ko zai nemi a cire. In ya nema, ina tsoron ya zama kamar labarin ya koma fatawa. In bai nema ba, kai da irinka za ku ce da sauransa.

Nura: Furodusa ba zai yarda ba ma, kuɗinsa ya zuba. In za ki sa wannan rigimar sai kin ƙara shafi biyu aƙalla.

Hafsat: To zan rubuta ƙarshen iri biyu, na ɗaki da na sitidiyo, in turo ku karanta ku zaɓa. Mafarkin zan gwada na Zainab marar magana in gani ko zai zauna. Malam, baitoci na 4 da na 6 ban gama ɗangwayen Kamal a kansu ba, amon "ri" ne kuma kalmomin da nake samu duk sun yi tsawo. In na turo maka za ka duba min nauyinsu?

Malam Bello: Turo su, amma ki haɗo da na tsohon a ƙasansu, kuma ki yi min rikodin kina rera su da bakinki, don a rubuce kaɗai ba zan gane inda kike ja da inda kike yankewa ba.